Muryar Labo a Wayar Zuliha

Ana saura kwanaki Zuliha ta fita takaba Watsap ɗinta ya ƙi buɗewa. In ta taɓa shi sai wani rubutun Faransanci ya tare mata fuska. Ba ta iya karanta shi ba, amma ta san abin da ke bayansa. Muryar mijinta Labo ce, saƙonnin da ya riƙa aiko mata daga hanyar Kwatano cikin shekarun da ya yi yana jan kamiyo, babbar motar kaya, har zazzaɓi ya kayar da shi a Paraku aka binne shi can. Tun rasuwarsa, kullum in ta gama lazimi sai ta kunna ɗaya.

Ran da ta fita, kafin ta je gaida kowa, ta nufi rumfar Bubakar mai gyaran salula a bakin tashar Gaya.

"Yaya Zuliha, ya ƙarin haƙuri?" in ji shi. Ya duba wayar ya girgiza kai. "Watsap ɗinki ya tsufa, sai an yi masa mizajur, wato a sauko da sabo. To wayar nan cikinta kamar na ɗan tsako ne, ta cika maƙil."

"Ai akwai kart memuwar a ciki."

"Kart ɗin na hoto ne da waƙa. Watsap ba ya zama can."

Ya share tarkacen da wayar ke tarawa da kanta. Ya kwashe hotuna da bidiyon suna ya kai kart. Ya cire Fesbuk da wani wasan da ƴaƴanta suka sa. Ya gwada sauko da sabon, layin da ke nuna saukowar ya ɗan yi tafiya ya tsaya. Ya sake, haka.

"Sabon yana son ya sami wurin sauka kafin tsohon ya tashi," ya ce. "Dabara ɗaya ta rage. In kwashe kayan Watsap duka in aje a kart, in cire shi, in sa sabo, ya ɗauko kayansa. Amma za su turo kod, wato lambobin sirri, ta lambar da aka buɗe shi da ita. Pus ɗin, wato layin, yana cikin wayar?"

"Yana ciki. Ni lamba ɗaya gare ni a duniya."

Da gaskiyarta ta faɗa.

Ya kwashe, ya cire, ya sa sabo. Kod ya zo, ya shigar. Watsap ya buɗe fayau, ba saƙo ko ɗaya. Bubakar ya ɗauko tasa wayar ya nemo sunanta, don ta taɓa aiko masa saƙo. Lambar da ya gani ba ta Nijar ba ce.

"Yaya, wa ya buɗe miki Watsap?"

"Marigayi. Ranar da ya kawo wayar daga Malanbil."

"Da pus ɗinsa na Benin ya buɗe."

Sai a lokacin ta tuna. Nata pus ɗin ya toshe a satin, Labo ya zaro nasa na Benin ya sa mata, kod ya zo, ya cire ya mayar aljihu yana cewa direban da ba shi da layi uku ba direba ba ne. Shekaru Watsap yana aiki a haka, bai taɓa tambaya ba.

"Pus ɗin na ina?"

"Jakarsa kawai aka kawo mini. Ba waya ciki."

"To hirar ba za ta dawo ba. An kulle ta da waccan lambar." Ya share zufa da gefen riga. "Da na duba kafin in cire."

"Ka tambaye ni, na amsa maka," ta ce. Ta miƙa hannu za ta karɓi wayar.

Bai sake mata ba. Ya shiga kart ɗin ya yi ta tono, ya sa wani ƙaramin abin sauraro, ya nuna mata jerin layuka masu lambobi.

"Muryoyin suna nan, waɗanda kika taɓa ji. Sai dai ba suna, kwanan wata ne kawai. Na kowa a haɗe. Kuma ki riƙe kart ɗin nan da kyau, shi kaɗai ya rage."

Ta koma gida da la'asar, ta zauna bakin murhu ba ta hura wuta ba. Ta danna na farko, ƙanwarta Lami ce tana cigiyar tukunya. Na biyu wa'azi. Na uku matan unguwa suna gardamar ankon biki. Na huɗu muryarta ce ita kanta, da faɗa, tana ce wa Labo ka ce Talata za ka zo, yau Juma'a. Ta danna na ƙasa da shi da sauri, sai ta ji mai kawo mata shinkafa daga Yelu.

Jerin ya yi tsawo, ta ja da yatsa ba ta ga ƙarshensa ba. Ƴarta Salamatu ta leƙo daga ɗaki.

"Inna, a ɗora tuwon?"

"Ɗora."

Ta goge gilashin wayar da bakin zane, ta koma kan wanda ta tsaya, ta danna na gaba.