Giyar da Ta Yi Yauƙi

Dries bai gano gangar ba sai da ya zo gyara matakalar rumbun ƙasa. Tana lungu, yanar gizo ta lulluɓe ta, shi kuma wata goma sha huɗu yana zaton fanko ce. Ya ƙwanƙwasa, ya ji a cike take. A jikinta ga rubutun alli na Zulma, tsohuwar ma'aikaciyar gidan, sanda uku da gicciye, don matar ba ta taɓa koyon rubuta lamba ba.

Ya zare ƙusar da ke toshe ramin ɗanɗano, ya tara kofi, yana jiran abin ƙyama ya fito. Sai ga giya garau, launin zuma. Ya shinshina, ƙamshin ciyawar doki da ɓawon lemo. Da ya kurɓa, tsamin ya kama gefen harshensa, tsami mai tsabta irin na kindirmo mai kyau, babu ɗigon yauƙi. Sai ya zauna a kan matakalar da kofin a hannu, ya kasa kurɓa ta biyu.

Dries ba ɗan gidan ba ne, auren Katrien ya kawo shi. Shekara goma ya yi a wata babbar masana'antar giya a birni, inda komai ƙarfe ne mai sheƙi, yis kuma iri ɗaya tak, daga ɗakin gwaji. Da surukinsa Remi ya mutu, sai ya gaji gidan lambik, giyar gargajiya mai tsami, a wannan ƙauye na yankin Pajottenland, ya gaji Zulma tare da shi. Shekara talatin da shida tana wanke ganguna a gidan. Ita ke buɗe tagogin bene in sanyi ya shigo, a juye tafasasshen ruwan alkama da sha'ir a faffaɗan tiren tagulla ya kwana a buɗe, iska ta zuba masa abin da ta ɗauko. Sauran kuma katakon gangar ke ba shi. Babu mai zuba yis da hannu.

Lokacin zafi na farko bayan mutuwar Remi, ganga talatin suka yi yauƙi. In ka tsoma yatsa ka ɗago sai zare ya biyo shi. Dries ya san ƙwayar da ke yin haka. A tsohon wurin aikinsa, in aka gan ta, rufe sashe ake yi a kori wani. Zulma ta ce masa ciwo ne kawai giyar ke yi, ƙwayar da ke kawo tsamin ita ke kawo yauƙin, in aka bari akwai wani yis na daji mai nawa, wanda zai bi baya ya cinye yauƙin kafin wani lokacin zafi. Ta ce ta ga haka ya fi a ƙirga. Ya tambaye ta a wace makaranta ta karanta.

Da a nan ya tsaya, da sauƙi. Ya tuttular da gangunan a kwata, ya sallame ta, sannan ranar Lahadi ya shiga mashayar da ke kallon coci, inda tsofaffi ke karta bayan an tashi, ya ce a gaban kowa tsohuwar ƙazama ce, ba ta wanke ganga. Ƙauye kuwa ba ya mantuwa. Matan da ke sayen farin cukunta suka daina ɗaya bayan ɗaya. A bikin coci aka ɗauke ta daga kicin aka ba ta jera kujeru.

Bayan ya gano gangar, kwana huɗu bai faɗa wa kowa ba. Ya yi tunanin ya gauraya wannan tsohuwar giyar da sabuwa, ya cika kwalabe, masu zuwa daga Amurka da kyamara a wuya su kwashe, su da ke biyan kowane farashi in dai abu ya yi tsami. Wa zai sani? A rana ta biyar Katrien ta ɗanɗana, ta dube shi, ta ce wannan irin ta babanta ce, daga ina? Ya cika tulu ya fita.

Ya sami Zulma a lambun gidanta tana cire radish, 'yar jar saiwar nan mai yaji. Ya ce mata ganga ɗaya ta tsira, ta warke kamar yadda ta faɗa, ya zo neman afuwa. Ko tulun ba ta kalla ba.

"A lambuna ka zage ni?"

"A'a, Gwaggo."

"To me ya kawo ka lambuna? Kabeji ne suka ji? Ɗauki tulunka, malamin makaranta. Ka san wurin, ka san ranar."

Lahadi mashayar ta cika da mutanenta na kullum, tsofaffin manoma da suka tashi da lambik tun ana kai musu ita gona, waɗanda ke cewa giyar kwalba mai sukari ta 'yan makaranta ce. Ga burodi da farin cuku a kan tebura. Zulma na zaune kusa da murhu da jakarta a cinya, ba ta cire kot ba. Dries ya zagaya ya zuba wa kowa. Staf, tsohon maƙeri, ya kurɓa ya lumshe ido, ya ce ashe ɗan birni ya fara hankali, ko Remi ne ya taso ya dafa masa? Aka yi dariya. Dries ya ga ƙofa a buɗe: in ya so, ya yi murmushi kawai, a tafi a haka.

Amma sai ya ajiye tulun. Ya ce wannan tana cikin talatin ɗin nan. Ya ce yauƙin ba datti ba ne, shi ne bai sani ba.

"Kunnena ya tsufa," in ji Zulma. "Me ka ce a kaina?"

"Na ce gangunanki tsab suke. Ƙarya na yi miki, kin gaya mini gaskiya na ƙi ji."

Masu karta suka ajiye karta. Staf ya dubi cikin kofinsa, don matarsa ce ta fara daina sayen cukun. Mai mashaya ta tura wa Zulma kofi. Zulma ta ɗanɗana, ta juya giyar a baki, ta ce a bar ta ta ƙara lokacin sanyi ɗaya a ganga, kuma wani ya cika gangar har baki, in iska ta samu wuri tsamin zai koma mai yaƙar maƙogwaro.

Dries ya ce ko za ta dawo aiki. Ta ce bayanta ya gama da ganga.

"Mutum goma sha tara ne a nan ranar," ta ce. "Na ƙirga su, don ni ce na kasa haɗa ido da su. Yau sha ɗaya. Jef ɗan'uwana ranar yana wancan teburin, ya ji ka, ya koma gida bai ce mini komai ba. A watan Maris muka binne shi. Wannan ba ka da yadda za ka yi da shi." Ta gyara jakarta. "Saura bakwai suna da ƙofa, sai ka bi ka ƙwanƙwasa."

Ta fara jero sunaye da unguwanni. Dries ya ari fensir wurin masu karta, ya juya takardar da ake ɗora kofi, yana rubutawa. A na huɗu ya ce ta ɗan dakata. Ba ta dakata ba.