Bangon Gwaggo

Burushi yana kan tsani yana ƙara wa jarka ta tara da ya zana a bango fenti rawaya, sai motar ma'aikatan gwamnati ta tsaya a gaban bangon.

"Sauko, ɗan nan, sun zo gogewa," in ji Gwaggo, mai bangon, tana ɗaura ɗankwali. "Yau za su san gidan uban wa suka taɓa."

Wata bakwai ke nan famfon unguwar bai ɗiga ba. An rubuta wasiƙu har biro ya ƙafe. Shi ne Burushi, wanda sana'arsa rubuta allunan shagunan aski ce, ya roƙi ƙanwar mahaifinsa ta ba shi aron bangonta da ke kallon babban titi.

Ba da ka ya yi aikin ba. A gaban bangon, a kan titi, akwai rami mai shekara shida, wanda kowace bas sai ta rusuna masa. Ya shiga bas sau huɗu yana ƙirgawa: daƙiƙa goma sha biyu fasinja ke samu. A kan wannan ya tsara komai. Daga nesa, launi ke kama ido: baƙin fage da jerin jarkoki rawaya, irin waɗanda kowa ke da su a bayan ƙofa. In an matso, sai ƙaton famfo da gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, da wani hannu mai zobba huɗu da ya danne kansa. Shuɗi ɗigo ɗaya ne tak a duk bangon, a cikin kofin da ɗaya hannun ke riƙe da shi. Bai zana fuska ba.

"Fuska kowa ya zo da tasa," ya ce. "Kuma hannu ba ya kai ƙara kotu."

Sai an faɗa ramin ake karanta rubutun, layi uku da Tsohon Akawu na kwamitin unguwa ya tsara, masu farawa da "Muna kira da babbar murya ga waɗanda abin ya shafa".

Shugaban ma'aikatan ya sauko, ya gaida Gwaggo da ladabi. Ko bangon bai kalla ba.

"Bango naki ne, Baba, ba mu da hurumi. Rami muka zo cikewa."

Gwaggo ta saki baki. "Shekara shida muna roƙo! Sai yau?"

"Umarni ne daga sama. An ce motoci na yawan jinkiri a nan." Ya rage murya. "Ni ma fa gidana jarka shida ne. Wannan mai zobban, kamar na san shi."

Kafin rana ta take, titi ya yi sumul kamar tafin hannu. Basa-basai suka riƙa wucewa fuu. Burushi ya shiga ɗaya, ya zagayo ya dawo da fuska a murtuke.

"Daƙiƙa uku. Ina kan karanta 'Muna kira' muka kai gidan mai."

"To, ai an samu titi," in ji Tsohon Akawu.

"Titin za ka sha, Malam?" Gwaggo ta watsa masa. "Ko da shi zan yi wanki?"

Burushi ya ɗauko baƙin fenti, ya hau tsani, ya shafe layukan uku. Tsohon Akawu ya kama tsanin da hannu biyu.

"Kwana biyu na yi a kan jimlar nan! Ka bar min ko da 'abin ya shafa'."

"Baba, wannan wasiƙa ce. Wanda ke gudu kalma biyu yake iya ɗauka, ta ukun faɗuwa take yi a hanya."

Da fentin ya sha iska, ya goga alli a igiya, Gwaggo ta riƙe masa ɗaya bakin, ya ja ya saki, layi ya fito a miƙe. Ya zana haruffa masu tsayin mutum, farare, masu kauri, ba ƙawa, ba lanƙwasa. Ya ware tsakaninsu sosai, don daga gefe ake hango bango, kuma haruffa kan cure in ana kallonsu a karkace. Ya fara daga ɓangaren da motoci ke fitowa.

INA RUWA?

"Ko gaisuwa babu," in ji Tsohon Akawu.

Da yamma suka zauna a benci su uku suna kallon titi. Basa-basai na wucewa, ba wanda zai iya cewa an karanta ko ba a karanta ba. Hannun Burushi duk fenti, babu ruwan wankewa.

Can wata bas ta taho a guje. Kwandasta ya leƙo rabin jiki, ya buga rufi, ya kwarara murya:

"Ina Ruwa! Akwai mai sauka a Ina Ruwa?"

Mutum uku suka sauko. Ta bayanta ma haka kwandastanta ya kira.

Gwaggo ta gyara zama. "A da 'Bakin Rami' suke ce wa wurin nan. Motocin nan ina layinsu yake ƙarewa?"

"Ƙofar ofishin ruwa," in ji Burushi. "Can ma haka za su riƙa kira."

Tsohon Akawu ya yi gyaran murya. "Ai dama abin da jimlata ke nufi ke nan."