Reshen da Bai Cika Ɗaya Ba

A takardar jarrabawa ta tara ne malamar lissafi ta dakata da ba da maki.

Tambayar ba wata mai wuya ba ce. Akwati ne da biro takwas a ciki, biyar ja, uku shuɗi. A ɗauki ɗaya, kada a mayar, a sake ɗaukar wani. A zana bishiyar yiwuwa, wato rassan da ke nuna damar fitowar kowane launi. Rassan farko kowa ya samu, 5/8 da 3/8. Idan ja ya fita, saura bakwai ke nan, ja huɗu, shuɗi uku, wato 4/7 da 3/7, kuma idan aka haɗa su dole su ba da ɗaya cif. Amma takarda bayan takarda 4/7 da 2/7 take gani. Shida cikin bakwai. A ƙasa ma, bayan shuɗi ya fita, maimakon 5/7 da 2/7, sai 4/7 da 2/7. Ta kewaye su da jan biro, ta ba da makin hanya tunda sun ninka rassan yadda ya kamata, ta hana makin amsa. Da ta kai ƙarshen tarin, goma sha tara ta ƙirga cikin talatin da huɗu.

Ɗakin malamai ya yi tsit bayan tashin yara, sai fanka da ke kukan tsufa. A teburin da ke fuskantar nata shugaban sashen lissafi ne zaune, dattijon da kowa ke kira Baba Jan Biro, amma a bayan idonsa. Shi ke bin makin sababbin malamai yana tantancewa, ita kuwa watanta goma da kama aiki, kuma sa hannunsa take jira kafin a tabbatar da ita.

Ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago ba. Ta ba shi takardun. Ya buɗe ta farko, ta biyu, ta biyar, sai ya gyara zaman tabarau.

"Malama, kin ga abin da na gani?"

"Na gani, Baba."

"Kuskure iri ɗaya, wuri ɗaya, mutum goma sha tara. Yaro kan yi shirme, amma kowa da irin nasa. Wannan satar amsa ce." Ya jawo farar takarda ya fara jera lambobinsu. "Kin san doka. A soke jarrabawar, su maimaita shekara."

Ita ma da farko haka ta so ta yarda, don zai fi mata sauƙi. Sai ta duba sunayen. 'Yan gaban aji ne kaf, masu rubuta ko tarin malami a littafi. Waɗanda suka ci tambayar kuwa 'yan baya ne, sarakunan surutu, da wasu uku da ba su zo ba ranar da ta koyar da darasin.

Ta tuna ranar. Talata ce, wayarta na ta girgiza a aljihu, yayarta na kira daga asibiti inda aka kwantar da mahaifinsu. Ta zana bishiya a allo a gurguje, ƙwallo shida da huɗu. Ta tuna bakinta yana cewa, "Tunda ba a mayar ba, ku rage ɗaya a sama, ku rage ɗaya a ƙasa." Ba ta ce a saman wanda aka ɗauka kaɗai ba. Hannunta kuma ya bi bakinta, ya rubuta 5/9 da 3/9 inda ya kamata 5/9 da 4/9. Ta fita kafin a kaɗa ƙararrawa, ba ta haɗa rassan ta ga ko sun cika ba, abin da kullum take yi wa yara faɗa a kai.

Tsoro ya kama ta sosai. An goge allon tun tuni, ba wanda zai sani. Idan ta yi shiru, Baba zai sa mata hannu wata mai zuwa. Idan ta yi magana, tana iya komawa gida ta zauna tana kallon mahaifinta, shi da ke gaya wa duk mai zuwa dubiya cewa 'yarsa malamar lissafi ce.

"Kin yi shiru," in ji Baba.

"Kaina ne ke ciwo."

"Sannu. Mu fara da mai wannan takardar, tana nan ba ta tafi ba, na gan ta a ɗakin karatu."

Ya leƙa ta taga ya kira ta da kansa. Yarinyar da 'yan aji ke kira Alhuduhuda ce, don ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ba. Ta shigo da sallama, ta rusuna, jakarta a ƙirji. Baba ya shimfiɗa takardarta a gabanta.

"Huɗu cikin bakwai da biyu cikin bakwai, nawa ke nan?"

"Shida cikin bakwai, Malam."

"Ragowar ɗayan fa? Aljani ne ya ɗauke biron?"

Ta kalli zanen, fuskarta ta sauya. Ta gane, a take ta gane. Ta ɗago ta dubi malamarta sau ɗaya, sannan ta mayar da ido ƙasa.

"Wa ya ba ki amsa? Ko ke kika ba su?"

"Ba kowa, Malam."

"To ina kika samo wannan?"

Hawaye ya fara zubo wa yarinyar, amma hannunta a hankali ya zame jakar daga ƙirji ya kai ta baya. Malamar ta san abin da ke ciki: littafin darasi, da bishiyar ranar Talata, da jan makinta na "daidai" da ta bi ta danna wa kowa washegari ba tare da ta duba ba. Yarinya 'yar shekara goma sha shida na shirin maimaita shekara don ta rufa mata asiri. Kunya ta rufe ta har ta fi tsoron yawa, ko da yake tsoron bai tafi ko'ina ba.

"Ba shi littafin," in ji malamar.

"Malama..."

"Ba shi, 'yata. Baba, ba su saci komai ba. Ni na koya musu haka."

Baba ya karɓi littafin, ya buɗe, ya daɗe yana kallon shafin. Ya ɗora yatsa a kan 3/9, ya matsa da shi zuwa sa hannunta da ke ƙasa.

"Je ki gida," ya ce wa yarinyar. "Share idonki, kada a ce na dake ki."

Da ta fita, ya ɗauki takardar lambobin nan goma sha tara ya yaga ta biyu. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro wata, wadda malamar ta sani sarai, takardar tabbatar da ita. Ya duba wurin sa hannu, ya rufe bironsa, ya mayar da takardar inda take.

"Ba bana ba," ya ce. "Za a cire tambayar, a sake musu wata. Rahoto kuma zan rubuta, da sunanki a kai, ba zan ɓoye ba. Gobe wane lokaci kike da su?"

"Darasin farko."

"Ki ajiye mini kujera a baya."

Washegari ta tsaya gaban mutum talatin da huɗu da dattijo ɗaya, alli a hannunta. Ta zana rassan, ta rubuta 4/7 da 2/7, ta juyo.

"Wannan kuskure ne," ta ce, "kuma nawa ne, ba naku ba. Ku buɗe littattafanku, shafin ranar Talata. Kowa ya soke sa hannuna."