Direban Mushe Garniye

Duk unguwar Kalley babu wanda bai san Halidu mai mota ba. Ko ba ka tambaya ba zai gaya maka cewa shi ya ci 'yancin kai sau biyu: ƙasa ta samu nata, shi kuma ya daina tuƙa wa Mushe Garniye, Bafaranshen da ya sayar masa da tsohuwar Fijo ranar da zai koma gida. Ciniki ne na mutunci, an tafa hannu gaban shaidu biyu. Takarda kuwa babu wanda ya ko tuna da ita.

Ran nan motar ta mace a bakin babbar kasuwa. Halidu ya sa mata dutse a taya, ya tafi neman makaniki, kwana biyu cur tana tare wa manyan motoci hanya. Da ya dawo, dutsen kaɗai ya tarar. Wata mai ƙosai ta ce masa, “Malam, 'yan sanda sun ja ta furiyar.”

Can ya same ta, a filin da hukuma ke tsare abin da ta kama, tsakanin jakuna da awakin da aka kama suna yawo a gari. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don da ita yake ciyar da gida, ga kuɗin ajiya yana hawa kullum.

A kwamisariya, ofishin 'yan sanda, ya biya tara, ya miƙa wa akawu lasinsa da takardar asirans, wato inshora, da sauran takardun motar. Akawun ya buɗe kart giriz, wato takardar mallakar mota, ya duba sunan, ya dubi Halidu.

“Kai ne Garniye?”

“Ranka ya daɗe, na yi kama da shi? Saye na yi.”

“Ina takardar saye?”

“Akwai shaidu.”

“Shaidu na jaki ne, Malam. Mota sai mai suna, ko wanda ya wakilta a rubuce.”

Kwana tara Halidu yana sintiri. A gabansa wani tsoho ya zo da mai unguwa, ya nuna jakinsa mai tsagaggen kunne, ya biya, ya hau abinsa ya tafi. Abin ya ci wa Halidu rai ba kaɗan ba.

Matarsa Hadizatu ce ta tono wata takarda a ƙasan adaka, ta zamanin da yake aiki: Mushe Garniye ya ba direbansa Halidu izinin tuƙa motar da karɓar ta a madadinsa ko'ina.

Akawun ya karanta, fuskarsa ta saki. “To, ai da ka faɗa tun farko.” Ya ɗauko takardar sakin mota, ya tsoma alƙalami. “Me zan rubuta? Mai mota ko direba?”

Bayan Halidu mutanen Kalley uku ne a layi, duk sun kasa kunne. Halidu ya yi ƙasa da murya.

“Direba.”

“Na wa?”

“Na Mushe Garniye.”

Akawun ya buga hatimin sabuwar jamhuriya, ya miƙa masa. “Ka gaishe da maigidanka.”