Bakin Takarda

Adawiyya ta tsani shafin da ba shi da bakin kirki. A ɗan shagonta na Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, in tana tsara mujalla a kwamfuta, sai ta fara ja wa kowane shafi iyaka: milimita goma sha biyar daga kowane gefe, ba abin da ke ƙetarewa. Ƙarƙashin kowane hoto bayaninsa, ƙarƙashin bayanin kuma sunan mai ɗauka da ƙananan haruffa. Masu kawo mata aiki na cewa ta cika tsirfa, ita ko a jikinta.

Wannan karon mujallar wata ƙungiyar manoman shinkafa ce. Hoton da ya fi kowanne kyau a ciki na Sauda Usmanu ne, wata budurwa 'yar Argungu mai koyon ɗaukar hoto. Ta shiga taɓo har gwiwa kafin ta samu matan fadama suna dashe, rana na kwance kan ruwa. Ba ta nemi komai ba sai abu ɗaya.

"Anti, sunana kawai nika so shi fito," in ji ta a waya. "Baba na cewa yawon banza nika yi da kyamara. In nuna mai, shi gani da idonai."

"Shi na nan, ƙanwata. Ni da kaina nis sa shi," Adawiyya ta amsa.

Matsalar ita ce shafin nan akwai wani hoto a sama, na Alhaji Labbo, shugaban ƙungiyar, yana riƙe da damin shinkafar da ba shi ya yanka ba. Ya zo duba aiki, ya cika shagon da turare, ya dangwala yatsa a gilashin kwamfuta har ya bar maiƙo.

"Wanga fili fari da kinka bari, na mi na? Takarda na lalacewa banza, ni ko kin matse ni awa ɗan haya. Ƙara min girma."

"Alhaji, in na ƙara ka, na ƙasa za shi sauka. Bakin ga shi ka tsare rubutu daga wuƙar maɗaba'a."

Ya yi murmushin da manya ke yi wa yaro mai surutu, ya ce to. Wannan "to" ɗin ya kamata ya tsorata ta. Sai ga shi mai maɗaba'a, Zayyanu, ya ce ta turo ɗanyen fayil ɗin da ake iya taɓawa, wai don daidaita launi, ita kuwa ta tura maimakon rufaffen.

Ranar rabon mujalla, Adawiyya ta bi motar ƙungiya zuwa Argungu. Aka sauke kwalaye a harabar da aka kafa rumfa. Sauda ta zo da mahaifinta, Malam Usmanu, dattijo masunci, ya sha farar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Talata ce.

Adawiyya ta farke kwali ta buɗe shafin. Ashe Alhaji ya bi ta bayan gida ya je wurin Zayyanu. An ja hotonsa sama da ƙasa ba tare da an ƙara faɗi ba, fuskarsa ta yi tsawo kamar goran ruwa. An tura hoton Sauda ƙasa don a ba shi wuri. Farin bakin shafi ya tafi. Bayanin matan fadama ya maƙale a gefen takarda da ƙyar, layin da ke ƙasansa kuwa ya faɗa bayan alamar yanka, wuƙa ta yi gaba da shi.

Tir! Abin ƙyamar ma, Alhaji na can kan kujera ya buɗe wannan shafin yana nuna wa baƙi, suna ta sanya albarka. Ba wanda ya ga an yi ɓarna.

"Ga shi nan, Baba, ni niɗ ɗauke shi," Sauda ta ce, tana laluben ƙasan hoton da yatsa. Yatsan ya kai ƙarshen takarda ya faɗa iska.

Dattijon ya matso da shafin kusa da idonsa, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Na ga Labbo," ya ce a hankali. "Ke fa, ina kike?"

Sauda ta juyo ta dubi Adawiyya. Adawiyya ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka cikin kwalin. 'Yan maɗaba'a sun cusa ragowar yankan takarda a gefe don kada mujallu su yi ta kaɗawa a hanya. Ta zaro tsiri ɗaya siriri, ta zaro wani. Kowanne na ɗauke da layi guda, bai ko gurɓace ba: Hoto: Sauda Usmanu.

Sauda ta karɓi ɗaya ta miƙa wa mahaifinta. Ya jujjuya shi, ya dubi tarin da ke cikin kwalin.

"Ɗiyata," ya ce, "cikin shara sunka sa ki?"