Ba Gajiya, Koci

Ai duk Challawa babu wanda bai san Koci Uwaisu ba! Da safe yana kamfanin roba, da la'asar yana filin ƙwallon nan na bayan kamfanin fata da yaransa 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, warin jima na dukan hanci, su kuwa ko a jikinsu.

To, wani kwas ya je, ya dawo da sabon abu. In an tashi daga atisaye, sai a bari kamar rabin awa, numfashi ya dawo, sannan ya kira yaro shi kaɗai don kada ya kwaikwayi na wani. Yaro ya faɗi wahalar da ya sha a atisayen gaba ɗaya, daga sifili zuwa goma. Sifili kamar kana zaune, goma ka kai ƙarshenka. Sai Koci ya ninka da mintunan da aka yi. In ka ce shida, aka yi minti tamanin, nauyinka na ranar ɗari huɗu da tamanin ke nan. Ƙarshen sati ya tara, ya duba da na satin baya. Wanda nasa ya yi tsalle a rage masa, wanda nasa ya yi ƙasa a ƙara.

Abin da kyau, wallahi. Amma da yake shi Bakano ne, bakinsa ya saba, sai ya riƙa farawa da, "Ina gajiya?"

Abdulbaqi, ɗan wajen Atika mai waina, shi ne ɗan gaban da duk suke ji da shi. Yaro mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da babba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba gajiya, Koci."

"Nawa ke nan?"

Wanda ya riga ya ce ba gajiya, da wane baki zai ce tara? Sai ya ce, "Uku."

Ga shi masu zaɓen 'yan wasa za su zo ranar Asabar ta sama. Kawun Abdulbaqi kuwa ya gama magana, in ba a ɗauke shi bana ba, an riga an nema masa wajen wankin fata. Uwaisu ya duba wayarsa, ya ga na Abdulbaqi ne mafi ƙasa a duk ƙungiyar. Ransa ya yi fari, ya ce ashe yaron nan da sauran wuri a jikinsa. Ya ƙara masa gudu bayan kowa ya tashi. Washegari ma uku. Ya sake ƙarawa.

Ranar Alhamis, ana jibi za su zo, Abdulbaqi ya ɗiba a guje zai tari ƙwallo, kawai sai ya dafe bayan cinya ya zube. Ba wanda ya taɓa shi. Likita ya ce naman wajen ne ya yage, sai ya yi wata biyu ko fi.

A bakin asibiti Uwaisu ya tsaya yana ta juya waya. Usaini mai tsaron gida, sarkin surutu, yana gefe.

"Kai Usaini, yaron nan uku yake ce mini. Uku!"

"Haba Koci! Ku da kanku kuke cewa ina gajiya. Ko babana ya dawo daga dutin kwana yana tangaɗi, in an gaishe shi ba gajiya zai ce. Ni ne dai marar kunya nake faɗa muku tara."

"Kai ɗin ai na hutar da kai."

"To ai shi ya sa! Duk sun ga na ce tara kun ajiye ni a benci. Wa zai ƙara faɗa? Abdulbaqi fa in mun tashi, bango yake bi ya tafi gida."

Uwaisu ya sake duba wayar. Lissafin daidai yake, ya ninka ya sake ninkawa. Lambar da aka ba shi ce gaisuwa.

Asabar ta zo, masu zaɓe suka zo, suka ɗauki wasu, suka tafi. Da yamma Uwaisu ya je gidan su Abdulbaqi. Atika ta shimfiɗa masa tabarma a soro, idonta jajur.

"Malam, kawunsa ya aiko. Wai da ƙafar ta warke ya fara zuwa wajen wankin fatar."

Abdulbaqi na kwance, an naɗe cinyar, gumi na keto masa, yana cije leɓe. Uwaisu ya durƙusa dab da shi, ya rage murya.

"Abdulbaqi, don Allah ba gaishe ka nake yi ba. Ka manta ni babba ne. Ciwon nan, daga sifili zuwa goma, nawa?"

Yaron ya kalli uwarsa, ya kalli tabarma, ya yi ƙoƙarin tashi zaune don girmamawa, ya kasa.

"Da sauƙi, Koci," ya ce. "Biyu."