Takalmin Mutum na Bakwai

Shekarar da muka fara zuwa aikin gishiri, mu bakwai ne daga gidanmu a Gamu. Tafiyar kwanaki ce cikin rairayi mai zafi da ƙarangiya, kuma takalmanmu duk sun mutu. Sai aka haɗa dala huɗu, tamma ashirin ke nan, aka ba Kawu Fannami, ƙanen innata, ya sayo wa kowa a kasuwar Gure. Ni Inusa na raka shi.

Tun a gida an gaya masa takalmin mutum ɗaya tamma uku ne. Ya ɗaga kai sama ya yi 'yan ƙirge-ƙirge a yatsu, ya ce, "Shida ne da fiye da rabi. Abin da ya wuce rabi ai ya cika. Bakwai! In wani ya rasa, ni ne zan tafi ba takalmi." Kowa ya ji, har matan da ke daka.

Muka sami baduku mai suna Lawali a ƙarƙashin aduwa, ya jera takalma a kan tabarma. Suka yi ciniki har na gaji da tsayuwa na tsuguna. Lawali ya fara daga huɗu, ya sauka uku, daga nan ko motsi.

Kawu ya kwance bakin riga ya zube kuɗin. "Ba ni na mutum bakwai."

Lawali ya dubi kuɗin, ya dube shi. "Baba, na mutum shida dai."

"Kai yaro, ina sayar da gishiri tun ba ka san tsinin basilla ba."

"To gishiri ne wannan?"

Ni ban yi nisa a karatu ba, amma na iya tsakuwa. Na tsinto guda ashirin, na riƙa ware su uku-uku, ina ɗora kowane kashi a kan takalmin mutum ɗaya. Kashi shida suka tashi, tsakuwa goma sha takwas. Biyu suka rage a tafina, na bakwai yana neman uku.

Na ce, "Kawu, ka gani, saura ɗaya ya cika."

Ya ce ya gani sarai, ai shi bai taɓa mayar da mai saye don tamma ɗaya ba. In mutum ya zo da kuɗin da bai kai kantun gishiri ba, fasa kantun yake yi ya ba shi daidai kuɗinsa. "Kai ma fasa. Ba ni takalmin tamma biyu."

Lawali ya yi dariya har basilla ta faɗi daga bakinsa. Ya ɗauko wuƙa ya ɗora a kan wani sabon takalmi. "Daga ina zan yanke, Baba? Dunduniya za ka bari a nan ko yatsu?"

Wata mai fura a gefe ta ce, "Baba, ka bar masa dunduniya, ka yi tafiya da ɗage."

Kawu bai yi fushi ba, ya dai gyara rawani. "To wari ɗaya fa? Rabin uku, ɗaya da rabi. Har da canji."

"Ɗayan warin kuma in sayar wa wa? Sai in zauna jiran mai ƙafa ɗaya? Kai ma in ka sa shi a dama, hagu ƙarangiya za ta gaishe ta."

Na ce wa Kawu a hankali, gutsuren gishiri gishiri ne, yana yin miya. Gutsuren takalmi kuwa ba ya kai kowa ko'ina. Ko dai ya cika a ƙirga shi, ko ba a ƙirga shi sam.

Kawu ya dubi ƙafafunsa. Ya roƙi Lawali ragin tamma ɗaya, Lawali ya rantse kuɗin fata ma da ƙyar ya fita.

"Fata?" in ji Kawu. "Ita ana yanka ta?"

"Ita kam ko ta tamma ɗaya kake so."

Nan take Kawu ya taka wani busasshen ƙirgin sa, aka zagaye ƙafarsa da gawayi, aka yanko masa na tamma biyu, har da 'yar tsirkiyar maɗauri. Ya zauna a gindin aduwar ya ari basilla yana huda da kansa. Lawali yana ta ba shi shawara, shi kuma yana ƙi.

Da la'asar muka kama hanyar Gamu, ina ɗauke da takalma na mutum shida a taiki. Kawu yana gaba da nasa, na dama ya fi na hagu tsawo, gashin sa bai ma fita ba, kowane taku sai ya yi faf.

Ya waiwayo ya ce, "Inusa, in mun isa, bakwai za ka ce."

Na ce, "Shida muka saya, Kawu."

"Ban ce ka faɗi nawa muka saya ba. Ka ƙirga ƙafafu kawai."